Minti 20, ɗan ƙaramin ɗaki da dambel biyu: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini game da motsa jiki a cikin ɗaki, musamman daga wanda bai da komai sai dambel guda biyu, wato ƙarafan ɗagawa da ake riƙewa a hannu, masu nauyi ɗaya, irin waɗanda ba a ƙara musu ƙarfe ba a kuma ragewa. Zan riƙa amfani da kalmomi biyu. "Sau" shi ne ɗagawa ɗaya da saukewa. "Zubi" kuwa shi ne jerin ɗagawar da ka yi a jere kafin ka huta.

Minti 20 kacal? Anya zai yi wani tasiri?

Zai yi, matuƙar mintunan na aiki ne. Wanda ya shafe awa guda a gidan motsa jiki, in ka cire hira da jiran layi da duba waya, sau da yawa abin da ya ɗaga bai wuce zubi 12 zuwa 15 ba. Tsarin da ke ƙasa yana ba ka zubi 12 ko fiye a cikin minti 20, domin yayin da wata tsoka ke hutawa wata tana aiki.

Ga iyakarsa kuma. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Tsarinmu ya cika sharaɗi na biyu har da ƙari. Na farkon kuwa bai cika shi ba, don haka tafiyar ƙafa tana nan a matsayinta.

Ɗakina gado ya cinye shi. Wane irin fili nake buƙata?

Gwada abu uku. Kwanta a ƙasa ka miƙe sosai: in kanka da dugaduganka ba su taɓa komai ba, tsawon ya isa. Tsaya ka ja ƙafa ɗaya baya da taku mai faɗi. Sannan ka ɗaga hannu sama ka ga abin da ke can. A ƙiyasi, mita 2 a tsawo da mita 1 a faɗi sun wadatar, wato ɗan fiye da shimfiɗar mutum ɗaya.

Gwaji na uku shi mutane suka fi mantawa. Idan rufin ɗakin gajere ne, ko akwai fanka ko ƙwan fitila a saman inda kake tsayawa, duk abin da za a tura sama a yi shi a durƙushe, gwiwa ɗaya a ƙasa. Wannan ma ya fi tsayuwa kyau ga mai koyo, domin yana hana gantsarewa. Gadon da ya tare maka wuri kuma kayan aiki ne: za ka dafa bakinsa, za ka ɗora ƙafa a kansa.

Yaya ake raba mintunan?

Minti 3 na farko na ɗumama jiki ne: taka a wuri ɗaya kana ɗaga gwiwa, ka juya kafaɗu, ka yi tsuguno sau 10 hannu rabbana, ka sunkuya sau 10 kana tura ƙugu baya. Bayan nan sai kashi na farko na minti 7, hutun minti 1, kashi na biyu na minti 7, sannan minti 2 na ƙarshe a ba ciki.

A kowane kashi motsi biyu ne suke karɓa-karɓa. Ka yi na farko kimanin sakan 40, ka huta sakan 30, ka yi na biyu sakan 40, ka huta 30, ka dawo na farko. Kowane zubi da hutunsa sakan 70 ke nan, kuma shida daga cikinsu suna cika minti 7 daidai. Kowane motsi ya samu zubi 3.

Idan motsin na ɓangare ɗaya ne, wato hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, lissafin yana ɗan canjawa. Tashoshin sun zama uku: hagu, dama, sannan ɗaya motsin. Ka ba kowace tasha sakan 45, aiki da hutu a ciki, ka zagaya sau 3. Hutun ya ragu, amma hagu tana hutawa ne lokacin da dama take aiki. Sa agogon waya ya riƙa ƙara, ka ajiye ta inda hannunka ba zai kai ba.

To, me ake yi takamaimai?

Rana iri biyu ce. Na kira ta farko ranar turi, ta biyu ranar ja.

A ranar turi, kashi na farko tsuguno ne da fires-of. Don tsuguno, ka riƙe dambel ɗaya a tsaye da tafuka biyu, manne da ƙirji. Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗu, yatsu su ɗan kalli waje, ka sauka har cinyoyi su kwanta daidai da ƙasa ko su ɗan wuce. Dugadugai kada su bar ƙasa, gwiwoyi su bi inda yatsun ƙafa suka nufa. Nauyin da ke gabanka yana taimaka maka ka riƙe ƙirji a miƙe, shi ya sa nake fara kowa da wannan. Fires-of kuwa sananne ne: tafuka a ƙasa, jiki a miƙe kamar sanda daga kai zuwa dunduniya, ƙirji ya sauka har ya kusa taɓa ƙasa. Gwiwoyin hannu kada su buɗe kamar fikafikai, su ɗan karkata wajen haƙarƙari.

Kashi na biyu turi sama ne da takun baya. A turi sama, dambel suna kan kafaɗu, ka matse ciki da ɗuwawu, ka tura har hannu ya miƙe kusa da kunne. A takun baya, dambel suna rataye a hannu biyu, ka ja ƙafa ɗaya baya, gwiwarta ta sauka dab da ƙasa, ka tashi da ƙarfin ƙafar gaba, ka canja. Na zaɓi takun baya a kan na gaba saboda ya fi sauƙi ga gwiwa, kuma kullum kana dawowa inda ka tashi. Minti 2 na ƙarshe sandarewa ce: ka dogara a kan gwiwoyin hannu da yatsun ƙafa, sakan 30 riƙo, sakan 10 hutu, sau 3.

A ranar ja, kashi na farko tashoshi uku ne: ja da hannun hagu, ja da na dama, sannan sunkuyon ƙugu. Don ja, dafa bakin gado da hannu ɗaya, baya a shimfiɗe, ka ja dambel zuwa wajen aljihun wandonka. Ka sa a ranka cewa gwiwar hannu kake kaiwa baya, tafin hannu ƙugiya ce kawai. In ka ja shi wajen ƙirji, damtse ne zai ƙwace aikin daga baya. Sunkuyon ƙugu shi ne ka riƙe dambel biyu a gaban cinya, gwiwoyi a ɗan sake, ka tura ƙugu baya dambel suna bin jikin ƙafa, har ka ji bayan cinya ya ɗame. Ga yawancin mutane hakan yana faruwa ne ɗan ƙasa da gwiwa. Nan ne iyaka, sai ka miƙe.

Kashi na biyu gada ce da naɗin damtse. Gada ita ce ka kwanta rigingine, tafukan ƙafa a ƙasa, dambel a kan ƙugu, ka ɗaga ƙugu ka riƙe sakan 2 a sama. Naɗin damtse shi ne ka riƙe dambel a kowane hannu, ka lanƙwasa gwiwar hannu ka kawo shi wajen kafaɗa, ka sauke, amma kada ka yi lilo da jiki. A minti 2 na ƙarshe ka riƙe dambel ɗaya a gefe kamar mai ɗauke da jaka, ka yi ta takawa a wuri ɗaya ba tare da ka karkace ba, minti 1 kowane hannu.

An ce tsoka tana buƙatar hutu. Ta yaya za a yi kullum?

Gaskiya aka faɗa. Tsokar da ta sha aiki tana son kamar awa 48 kafin a sake matsa mata, kuma dalilin raba ranakun ke nan. Litinin turi, Talata ja, Laraba turi, haka har Asabar. Ƙirji da kafaɗu da gaban cinya da suka yi aiki Litinin ba za su sake ba sai Laraba. Rana ta bakwai ma kana da mintunanka 20, amma ba ƙarfe: miƙa gaɓɓai, tsuguno hannu rabbana a hankali, ko tafiya.

Akwai wuri ɗaya da rabon bai cika tsabta ba. Ɗuwawu suna aiki a ranakun biyu, da tsuguno da sunkuyo duk suna taɓa su. Da nauyin da ke hannun mai dambel biyu wannan ba ya cika zama matsala, amma in ka wayi gari sun yi tsami sosai, ka bar gada a ranar. A makonni biyu na farko kuma ina ba da shawarar zubi 2 maimakon 3, ragowar lokacin ya tafi wajen koyon motsin.

Sau nawa zan ɗaga a kowane zubi?

Tsakanin 8 da 20. Amma adadin ba shi ne ma'auni ba, ma'aunin shi ne yadda ƙarshen zubin ya kasance. Ka tsaya a lokacin da ka san sau 2 ko 3 ne kawai suka rage maka kafin ka gaza. Alamar da ba ta ƙarya ita ce saurin ɗagawa: idan kana turawa da dukan ƙarfinka amma dambel yana hawa a hankali fiye da farko, ka iso wurin. Idan na 15 ya tashi da saurin na farko, ba ka ma kusa ba, ko da numfashinka ya hau.

Wannan shi ne ginshiƙin da ya sa ƙaramin dambel yake da amfani. A 2017 masanin motsa jiki Brad Schoenfeld da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen da suka kwatanta ɗaga nauyi mai yawa da ɗaga mara yawa. Abin da ya fito shi ne girman tsoka yana zuwa kusan daidai a duka biyun, matuƙar an kai zubin ga gajiya. Inda mai nauyi ya yi fice shi ne ƙarfin ɗaga abu mafi nauyi sau ɗaya. Ma'ana, dambel ɗinka zai gina maka tsoka da ƙarfin yau da kullum, amma ba zai mai da kai ɗan gasar ɗaga ƙarfe ba.

Bayan 'yan makonni dambel ɗin ya zama kamar ba komai. Shi ke nan sai na sayi wani?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan yawancin mutane suke tsayawa cak. Tsoka tana girma ne idan aikin da ake ba ta yana ƙaruwa. Mai tarin ƙarafa yana ƙara nauyi. Kai da ba ka da wannan damar, sai ka ƙara wa motsin kansa wahala, mataki bayan mataki. Ƙa'idar ita ce: duk ranar da ka cika 20 a zubi uku duka ba tare da motsin ya lalace ba, ka hau mataki na gaba.

Mu ɗauki misalin mutum mai kilo 70 da dambel biyu, kowane kilo 8, mu bi tsugunonsa. A makon farko da ya fara cikakken zubi 3, yana riƙe da ɗaya a ƙirji, ya samu 15, 13, 12. Ya rubuta. Duk ranar turi yana neman ƙarin ɗaya ko biyu a kan abin da ya rubuta. Wajen mako na uku ya ga 20, 20, 20.

Mataki na biyu, ya ɗora dambel biyun a kafaɗu. Nauyin ya tashi daga kilo 8 zuwa 16, adadin ya faɗo zuwa 13 ko 14, ya sake hawa. Da ya cika 20, sai mataki na uku: nauyi bai canja ba, sauri ne ya canja. Yana ƙirga sakan 3 wajen sauka, ya tsaya sakan 1 a ƙasa ba tare da ya saki jiki ba, sannan ya tashi da ƙarfi. Tsayawar nan tana kashe ɗan tsallen da jijiyoyi suke ba mutum kyauta idan ya sauka da sauri ya juyo. Yanzu kowane ɗaya yana cin kusan sakan 5, don haka sakan 40 ba su ɗaukar fiye da 8, kuma cinyoyinsa suna rawa a na ƙarshe. Idan takwas ɗin sun daina sa shi rawa a zubi uku duka, ya gama da wannan matakin.

Mataki na huɗu shi ne babba: ƙafa ɗaya. Ya juya wa gado baya, ya ɗora bayan ƙafar hagu a bakinsa, ƙafar dama tana gaba da taku ɗaya mai faɗi, dambel a hannu biyu, ya sauka ya tashi. Duba lissafin a sauƙaƙe. A tsugunon ƙafa biyu, kilo 70 na jikinsa da kilo 16 na ƙarfe sun zama 86, kowace ƙafa ta ɗauki 43. Da ya ɗora ƙafa a gado, ta gaba tana ɗaukar kimanin kashi uku cikin huɗu na nauyin ko fiye, wato kilo 65 ko sama. Ya ƙara wa ƙafar fiye da kilo 20 bai sayi komai ba. Wanda jiya yake yin 20 yana murmushi, yau da ƙyar ya kai 9. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Daga nan sai ya sake bin tsanin: ƙara adadi, rage sauri, tsayawa a ƙasa. Akwai kuma wanda ake kira ɗaya da rabi, wato ka sauka har ƙasa, ka taso rabin hanya, ka koma ƙasa, sannan ka miƙe, duk a ƙirga shi ɗaya. Wannan hanyar kaɗai tana iya cin watanni.

Sauran motsin ma haka suke hawa. Sunkuyon ƙugu ya koma na ƙafa ɗaya, ana dafa bango da 'yan yatsu. Gada ta koma ta ƙafa ɗaya, sannan a ɗora kafaɗu a bakin gado don tazarar ta ƙaru. A ja, a riƙe sakan 2 a sama, allon kafaɗa a matse. Abin da nake roƙo shi ne a canja abu ɗaya kawai a lokaci guda. Wanda ya koma ƙafa ɗaya, ya rage sauri, ya kuma rage hutu duk a rana ɗaya, ba zai san abin da ya yi masa aiki ba, kuma gwiwarsa ce za ta biya.

Ni akasin haka ne. Dambel ɗin ya yi wa ƙafa daidai, amma ba na iya tura shi sama ko sau biyar.

Haka abin yake, domin cinya ta ninka kafaɗa ƙarfi, kuma nauyi ɗaya ba zai dace da su biyun ba. Fara da dambel ɗaya, ka riƙe shi a kwance da hannu biyu, tafi ɗaya a kowane kai, ka tura sama. Kowace kafaɗa ta samu rabin nauyin. Idan ka cika 20, koma hannu ɗaya amma da taimakon ƙafa: ka ɗan lanƙwasa gwiwoyi, ka miƙe da sauri don ƙafafu su cilla dambel sama, sannan ka sauko da shi da kafaɗa kaɗai cikin sakan 3. Tsoka ta fi ƙarfi wajen sauke nauyi a kan ɗaga shi, shi ya sa za ka iya sauke abin da ba ka iya turawa, kuma saukewar tana gina ƙarfin turin. Wannan a tsaye ake yin sa, don haka mai gajeren rufi sai ya yi a durƙushe, ɗaya hannun ya taimaka wajen hawa. Naɗin damtse ma haka: hannu biyu su ɗaga, hannu ɗaya ya sauke.

Me ya sa fires-of, alhali ina da dambel da zan iya turawa a kwance?

Saboda jikinka ya fi dambel ɗinka nauyi. A fires-of hannuwa suna ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na nauyin jiki. Ga mai kilo 70, wajen kilo 45 ke nan, kusan ninki uku na kilo 16 ɗin da zai tura a kwance. Idan cikakken ya gagare ka, dafa bakin gado ka yi a karkace, ko ka sa gwiwoyi a ƙasa, wanda ke rage nauyin zuwa kamar rabin jiki. Idan ya yi sauƙi, ɗora ƙafafu a gado. Turin dambel a kwance yana da wurinsa ga wanda wuyan hannunsa ke ciwo in ya dafa ƙasa, ko wanda bai kai ga fires-of ba tukuna.

Jikina ya yi tsami. Yaya zan bambance shi da rauni?

Tsamin jiki ba ya zuwa nan take. Yana farawa ne bayan kamar rabin yini ko washegari, ya fi tsanani tsakanin awa 24 da 72, sannan ya lafa. A cikin naman tsoka ake jin sa, yawanci a ɓangarorin biyu, kuma in ka ɗumama jiki yana sassautawa. Da irin wannan ana iya ci gaba. Sauka a hankali ta fi komai jawo shi, don haka ka sa ran zuwansa duk ranar da ka fara ƙirga sakan 3.

Rauni kuwa yakan zo ne a tsakiyar motsi, kamar suka, a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, sau da yawa a gaɓa, kuma yana ƙaruwa in ka ci gaba. Ajiye wannan motsin. In akwai kumburi, ko ciwon ya wuce mako bai ragu ba, ko yana sauka ƙafa da mutuwar jiki ko jin kamar ana tsira allura, a ga likita. Abu biyu ba a jira da su ko kaɗan: ciwon ƙirji ko jiri mai tsanani lokacin aiki, da fitsari mai duhu sosai tare da kumburin tsoka bayan aiki mai yawa. Na biyun alama ce ta tsoka da ta farfashe har tana barazana ga ƙoda, kuma ya fi samun wanda ya daɗe bai motsa ba ya zo ya kwashi aiki rana ɗaya.

Duk ranar ja, ƙasan bayana ne ke ciwo maimakon bayan cinya. Ina kuskuren?

Kusan kullum ɗaya cikin biyu ne. Ko dai kana lanƙwasa gadon baya don ka kai dambel ƙasa, ko dambel sun yi nisa da ƙafafunka. Ga gwajin da ƙaramin ɗaki ya fi dacewa da shi: juya wa bango baya, ka matsa gaba tsawon tafin ƙafa ɗaya, ka ajiye ƙarfe, ka tura ƙugu baya har ɗuwawu su taɓa bango. In sun taɓa, ɗan ƙara matsawa gaba ka sake. Abin da kake ji a bayan cinya a wannan lokacin shi ake nema. Idan ka ɗauki dambel, su riƙa gogar cinya da ƙwauri, kuma da zarar ƙugu ya daina tafiya baya, saukar ta ƙare. Duk abin da ka ƙara bayan nan daga baya yake fitowa. Jingina wayarka a gefe ka ɗauki bidiyon zubi ɗaya, za ka ga abin da jikinka bai gaya maka ba.

Zai rage mini tumbi?

Shi kaɗai, da wuya. Jiki ba ya cire kitse daga wurin da aka motsa, yana cirewa ne daga ko'ina idan abin da ake ci ya gaza abin da ake ƙonawa, kuma abin da minti 20 ke ƙonawa ɗan ƙarin loma kaɗan yana mayar da shi. Amfanin tsarin ga mai son ragewa shi ne yana riƙe masa tsoka yayin da nauyi ke sauka.

Ni mace ce. Tsarin nan ya dace da ni, ko zai sa in yi ƙirar maza?

Ya dace da ke yadda yake, ba sai an canja komai ba. Irin girman tsokar da kike tsoro yana buƙatar sinadarin testostaron mai yawa, wanda na mace bai kai kusa da na namiji ba, da shekaru na ɗaga nauyi mai yawa. Abin da za ki fi lura da shi shi ne ƙafafu za su yi saurin hawa matakan, fires-of da turi sama kuma su ɗauki lokaci, don haka ki fara su daga bakin gado da dambel ɗaya. Mai juna biyu ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba ta fara tuntuɓar likita ko ungozomar asibiti.

Ina da hawan jini. Zan iya?

Da yawa suna yi kuma yana musu amfani, amma likitanka ne zai ba ka izini, musamman in jinin bai daidaita ba. Abin kiyayewa shi ne riƙe numfashi, domin yunƙuri da numfashi a toshe yana cilla jini sama na ɗan lokaci. Fitar da iska wajen ɗagawa, shaƙa wajen saukewa. Ƙirga da baki a bayyane yana tilasta maka yin hakan. Ka bar sau 4 ko 5 a ajiye maimakon 2, kuma in ka tashi daga ƙasa ka tashi a hankali.

Akwai mutane a ƙasana, kuma ɗakin yana ɗaukar zafi.

Babu tsalle ko ɗaya a tsarin, da gangan na yi haka. Ƙarar da za ta rage ita ce ta ajiye dambel, sai ka ninka tawul ka riƙa ɗora su a kai, wanda kuma zai hana masu zagayen kai gangarawa ƙarƙashin ƙafarka. Kada ka yi da safa a kan daɓe mai santsi, ƙafa tsirara ta fi. Buɗe taga ko ƙofa, ka ajiye ruwa kusa. In gumi ya jiƙa tafukanka, goge su kafin duk abin da zai hau saman kanka.

Yaushe zan san cewa dambel ɗin nan ya gama mini aiki da gaske?

Littafinka ne zai gaya maka, shi ya sa nake nacewa a rubuta kwanan wata, sunan motsi, matakin da ake kai, da adadin kowane zubi. Idan adadin ya tsaya wuri ɗaya mako biyu ko uku, matsalar ba ƙarancin nauyi ba ce. Duba barcinka da abincinka, ko ka yi mako guda na zubi 2 marasa tsanani ka dawo. In kuma ka yi fashin mako biyu ko fiye, koma mataki ɗaya baya ka sake hawa, zai dawo da sauri fiye da farkon.

Dambel ya gama aiki ne idan ka kai matakin ƙarshe, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, da tsayawa, kana cika 20 cikin sauƙi, ko kuma numfashi da riƙon hannu ne suke tsayar da kai kafin tsokar da kake nufi ta gaji. Motsin da ke fara kaiwa nan yawanci ja ne da sunkuyon ƙugu, domin baya da bayan cinya manyan tsokoki ne. Kafin ka nemi sabon ƙarfe, in hannayen dambel ɗin sirara ne, gwada saƙala su biyun a tafi ɗaya ka yi ja da su, kilo 8 ya zama 16 ke nan. In ba su riƙuwa, zuba su a jaka mai ƙarfi ka kama hannunta. Idan wannan ma ya kai 20, to ja da sunkuyo suna buƙatar ƙarfe mafi nauyi, amma kafaɗu da damatsa za su ci gaba da amfani da tsoffin na tsawon lokaci.